Dawakin wa? Yadda rahotona ya lalace a PDF da yadda na gyara shi

Ina haɗa alƙaluman rabon takin zamani ga wata ƙungiya da ke aiki a ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano. Dashbod ɗin, wato shafin zane-zanen alƙaluma, da na gina a manhajar Power BI ta Microsoft yana da kyau a kwamfutata, har ina alfahari da shi. Ranar da shugabanmu ya ce in buga masa a takarda don taro, sai na danna Export, na zaɓi PDF, na tura ba tare da na buɗe ba. Ana cikin taron ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan Dawakin wanne ne?" Sanduna biyu ne a jere, kowace an rubuta mata "Dawakin…". Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun zama abu guda. Ƙananan hukumomi goma sha biyar ne kawai ma suka fito.

A nan na gane cewa fitar da fayil ɗaukar hoto ne kawai na abin da ido ke gani. A allo, idan suna ya yanke, kana ɗora linzami a kai ya bayyana. Idan jeri ya yi tsawo, kana gungurawa ƙasa. Takarda ba ta da ko ɗaya. Duk abin da ke ɓoye ƙarƙashin sandar gungurawa ba zai fito ba.

Sai na daina ƙoƙarin tilasta wa shafin allo ya shiga takarda, na yi kwafinsa na gina wani daban don bugawa. Shafin Power BI na asali ɗigon allo 1280 ne a 720, wato faɗinsa ya kusa ninka tsayinsa. Takardar A4 kuwa milimita 210 ce a 297. Ko ka kwantar da ita, shafin zai ci milimita 167 kacal na tsayinta, sauran ya zauna fari, rubutu kuma ya ƙanƙance. A Canvas settings na zaɓi Custom, na sa faɗi 794, tsayi 1123, wanda shi ne A4 a tsaye. Na mayar da sandunan kwance maimakon tsaye, domin suna mai tsawo ya fi samun wuri a gefe. Sanduna 44, kowace da ɗigo 22 na tsayi, sun ci 968, saura ya ishi take da kwanan wata. Wurin sunaye a gefen hagu na faɗaɗa shi ta Max area width, daga kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari. Dawakin Tofa ta dawo da sunanta, haka Garun Malam da Rimin Gado.

Tsarin shafin ma ya goce a PDF ɗin, salon rubutu ne kuwa ya jawo hakan. Na yi amfani da wani salo da na saukar wa kwamfutata ni kaɗai. Idan ka fitar da fayil daga Power BI na intanet, ba injinka ke zana shafin ba, kuma can ba su da salon naka, sai a musanya shi da wani mai faɗi daban. Take mai layi ɗaya ya karye biyu, lambobi suka daina shiga akwatinsu. Alamar da ta fara tona asirin ita ce haruffanmu masu ƙugiya: Ƙ ta Ƙiru da Ɗ ta Ɗambatta sun fito da kauri daban da sauran haruffa. Na koma Segoe UI, na kuma bar ɗan fili a kowane akwati.

Rubutu kuma yakan yi dishi-dishi a sulaid ɗin PowerPoint, wannan laifina ne tsantsa. Don sulaid, na saba ɗaukar hoton allo in manna. Allon kwamfutata 1366 ne a 768, dashbod ɗin bai wuce ɗigo dubu a faɗi ba. Ka shimfiɗa wannan a kan sulaid mai inci 13.33, kowane inci ya sami ɗigo 75, alhali bugu mai kyau yana son 200 zuwa 300. Yanzu daga Export nake zaɓar PowerPoint kai tsaye, da shafin 16:9 wanda girmansa ya yi daidai da sulaid. A cikin PowerPoint kuma nakan shiga Options, sannan Advanced, in kunna "Do not compress images in file".

Kafin in tura, nakan buɗe PDF ɗin in zuƙo shi zuwa kashi 400, in duba ko gefen haruffa ya tsaya sumul, in ƙirga sandunan, in nemi ɗigo uku a ƙarshen kowane suna. Na taɓa yin duk wannan, sannan wani abokin aiki ya ɗauki hoton shafin ya watsa a WhatsApp, wadda ke matse hotuna, aka kira ni wai lambobin ba sa karantuwa. Tun ranar nake rubuta musu a ƙasan saƙo cewa su tura shi a matsayin Document.