Tiyon da na goge

Jiya a wani shagon wanke hoto a Agege na tarar da wani yaro ya buɗe hoton ambaliyar da ya ɗauko a Mile 12, yana shirin goge bokitin da ke yawo kusa da ƙafar wani ɗan dako. Na ce, ɗana, jarida za ka kai wa? Ya ce, "E, Baba, bokitin ne ya ɓata hoton." Gabana ya faɗi, don da irin wannan maganar na taɓa yaudarar kaina.

Gobara ce a wata kasuwa nan Legas. Na ɗauki hoton wata mata zaune gaban rumfarta da ta ƙone, tiyon 'yan kwana-kwana ya ratsa ƙasan hoton ta hagu. Na sa Clone Stamp, abin kwafar wani sashen hoto a manhajar Photoshop, na kwafo jiƙaƙƙiyar ƙasa na rufe shi, aikin minti biyar. Har yau nakan ce matar ban taɓa ta ba, hawayenta nata ne, tiyon ma ba shi ne labarin ba. Sai dai duk wanda ya ga hoton ya ɗauka babu wanda ya kawo musu ɗauki, alhali an zo. Edita ya nemi fayil ɗin RAW, wato asalin hoton yadda ya fito daga kyamara, ya kuma ƙara girman wurin a hoton da na gyara, sai ga tsakuwa guda ta fito sau uku a jere, ga inuwar tiyon kwance babu mai ita. Lokacin muna cikin gaggawa, kuma kowa na yi... to, ba kowa ba.

Manya ma sun faɗa ramin. Mai ɗaukar hoto Narciso Contreras ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya, kuma ko da yake shi ya faɗa da bakinsa, kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da shi a 2014. Kyamarar nan ita ke nuna cewa akwai wani ɗan jarida a wurin. Adnan Hajj kuwa hayaƙi ya ƙara a hoton Beirut da ya ɗauka a 2006, maimaituwar curin hayaƙin ta tona shi, Reuters ta janye hotunansa.

Na so in jero wa yaron dokoki goma, uku suka fito. Ƙurar da ta hau sensa, wato sashen kyamara mai karɓar haske, ta bar ɗigo a sararin sama, goge ta, domin a cikin kyamara take, ba ta wurin da abin ya faru. Abin da ke wurin kuwa, ko ledar fiya wata ce, bar shi. Haske da launi a gyara kaɗan, amma in ka duhunta kusurwa har bokitin ya ɓace, gogewa ce ka yi ta bayan gida. In ya dame ka, yanke gefen hoton. A'a, ko nan ma ka yi hattara, da na yanke tiyon nan da ƙaryar ɗaya ce. Gara ka matsa taku biyu tun a wurin, ka sake ɗauka.

Yaran yanzu ba su da haƙurin taku biyu, Generative Fill, abin nan na Photoshop da ke goge abu ya cike gurbinsa da kansa, ya sangarta su. Ina cikin magana ma idonsa na kan waya. Da na fito dai bokitin na nan, hannunsa kuma na kan linzamin kwamfuta.