Jaka nawa za ta shiga hannun Inna?

Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, mahaifiyata kuma tana Maraɗi. Duk ƙarshen wata nakan aika mata da na cefane da na magani. Na fi shekara ina bai wa wani ɗan canji kuɗin saboda kalma ɗaya da ya faɗa mini: "Alhaji, ni ba na cajin ko sisi." Gaskiya ne ba ya caji. A farashin jaka yake cire nasa.

Ranar da na gane, naira 200,000 ce a hannuna. Ya ce jaka ɗaya, wato sefa 1,000, naira 2,700 ce. Na buga lissafi, sefa 74,000 da 'yan kai za su isa. Na taka zuwa Wapa na tambayi wani, ya ce 2,620 yake sayarwa, amma zai cire naira 3,000 kuɗin turawa ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi na Nijar, irin su Nita da Al Izza. Saura 197,000 ke nan, kuma ko da hakan sefa 75,190 ne. Ashe mai cajin ya fi marar cajin da jaka guda da ɗoriya. Wani zai ce ai ba yawa, amma a tara na wata goma sha biyu a gani.

Yanzu kafin in fita nakan samo ma'auni. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Don haka sai in duba farashin yuro a naira. A ranar nan wajen 1,700 yake, na raba da 656 na ninka da dubu, jaka ta kama kusan naira 2,590. Abin da ɗan canji ya ɗora a kan wannan shi ne ribarsa. Naira talatin a jaka halaliyarsa ce, shi ma nema ya fito. Ɗari da goma kuwa ta yi yawa.

Akwai hanyar da ta fi duka araha: in sayi takardun sefa a 2,600, in ba direban motar Maraɗi naira 2,000, sefa 76,150 su isa. Na yi sau biyu na daina. Hanyar ta bi ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, ga shingaye, ga halin tsaro da kowa ya sani. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin ma suka tsaya. In kuɗin suka salwanta ba rasit, ba wanda zan kama, sai dai a ce ƙaddara. Ba zan saka kuɗin maganin uwata a wannan hali don ƙasa da jaka ɗaya ba.

Sau ɗaya Inna ta je ofishin kamfani ta dawo hannu rabbana, kuma laifina ne. Na rubuta sunanta yadda muke rubutawa a nan, alhali a katinta rubutun Faransanci ne, irin yadda Hauwa take komawa Haoua. Ma'aikacin ya ƙi biya, kuma daidai ya yi. Tsohuwa ta hau kabu-kabu cikin rana a banza. Da na kira ta sai ta ce, "Ba komai ɗana, gobe ma rana ce." Abin ya tsaya mini a rai. Tun daga nan hoton katinta na cikin wayata, harafi-harafi nake kwafa. Lambar karɓar kuɗin kuma ƙanwata kaɗai nake faɗa wa, da bakina, na kuma gargaɗe su kada su karanta wa duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

A kula da ƙirga ma. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar. In Inna ta ce a aiko dubu goma, sefa 50,000 take nufi. Shi ya sa ni da ita a jaka muke magana.

Wani ɗan canji ya taɓa riƙe mini kuɗi kwana huɗu, naira ta faɗi a tsakani, ya biya da sabon farashi. Ba ni da shaida, na haƙura. Yanzu kafin in tura, sai an rubuto mini a WhatsApp farashin jaka, da jimlar sefar da za a miƙa, da wanda zai biya kuɗin cirewa, da lokacin da za ta isa. Sabon mutum kuwa da naira 20,000 nake gwada shi, sauran sai Inna ta kira ta ce sun shigo.