Abin da inshorar salun ɗinmu ta koya min kafin na ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan shago, kuma tunda da yawanku kun san abin da ya faru da amaryar nan da baƙin ƙunshi ya yi wa illa a shagonmu gara in faɗi yadda maganar inshora ta kasance, don har yau Hajiya mai shagon tana gaya wa mutane wai ni ce ban bi takardu yadda ya kamata ba.

Lokacin da za a sabunta inshorar na kawo mata farashi biyu, ta ɗauki mai arha wanda wani ejan ɗan uwan mijinta ya kawo, mai ɗauke da gobara da sata da abin da suke kira fablik layabiliti, wato in kwastoma ta ji ciwo a cikin shago. Na nuna mata shafin abubuwan da aka cire, a rubuce yake ƙarara cewa duk raunin da ya samo asali daga aikin da muka yi wa jikin mutum da hannunmu ba ya ciki. Ma'ana in mace ta zame a kan tayil mai ruwa ta karye za su biya, in diraya ta faɗo mata a ka za su biya, amma rilaksa ta ƙona fatar kai ko dayis ya kumbura fuska ko halawa ta saɓule fata, wannan sai an ƙara wani sashe daban da kuɗinsa. Ta ce min ai Allah ne ke tsarewa, in bar mata iyayi.

Sai ga amarya an yi mata baƙin ƙunshi, irin mai sinadarin PPD a ciki, kwana biyu hannu da ƙafa suka yi bororo suna ruwa, ana saura kwana kaɗan ɗaurin aure. Dangi suka cika shago, Hajiya don a rufa asiri ta rubuta musu saƙo cewa laifinmu ne, ta tura kuɗin asibiti a ranar, sai bayan an kusa wata guda ta ce in kai wa kamfani takardu su maido mata. Amsarsu ba ta da tsawo, aikin kwalliya ba ya cikin yarjejeniya. Ma'aikacin ya kuma ƙara min da cewa ko da yana ciki an riga an karya sharaɗi biyu, ba a sanar da su da wuri ba, sannan an amsa laifi an biya kuɗi ba da saninsu ba. Wallahi ranar da ta tsaya gaban yaran shago tana cewa sakacina ne ban ce komai ba, takardar farashi ta biyun mai wancan sashe tana cikin durowata har yanzu.

In za ku sayi inshora ku sa a rubuta aikinku ɗaya bayan ɗaya, kitso, rilaksa, dayis, ƙunshi, dilka, halawa, gyaran farce, har zuwa gidan biki in kuna fita aiki, don wata takardar iyakarta ƙofar shago. Ku tambaya ko sun sharɗanta gwaji a bayan kunne awa 48 kafin a shafa dayis, in sun sharɗanta to a buɗe littafi, suna da kwanan wata da sa hannun kwastoma, in babu shi ba ku da hujja.

Gobara kuma matsalarta ƙimar kaya ce. A ce kayan shago sun kai miliyan 12 yanzu amma takarda tana nan a miliyan 6 na da can, wuta ta ci na miliyan 3, miliyan ɗaya da rabi za a ba ki tunda rabin kuɗin kayan kika yi wa inshora, sannan a cire kason farko da ke wuyanki. Yadda farashi ke tashi a ƙasar nan duk shekara sai an sake lissafi, a ajiye rasit da hotuna a waya, ba a cikin shagon ba.

Sata sai an fasa ƙofa ko rufi suke biya, yarinyar shago ta sulale da wig ko kuɗin ciniki wannan inshorar amanar ma'aikata ce daban. Nepa ta kawo wuta mai ƙarfi ta ƙona sitima ba tare da gobara ta tashi ba, takardar gobara ba ruwanta sai an yi wa na'urori tasu, tsufan inji kuwa babu mai biya.

Masu ƙyamar inshora saboda addini akwai takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz da Noor, amma su ma a karanta shafin cire-ciren nan. A duba kamfani yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, kuɗin kuma a tura asusun kamfani kai tsaye a karɓi rasit, don a dokar Najeriya in kuɗi bai shiga ba babu kariya ko da ejan ya rantse miki ya gama komai.