Talata, ranar da na ƙi rage biyar

Ruwan da aka kwana ana yi ne ya sa na sake buɗe rahoton tantance haɗarin da na rubuta makon jiya kan ramin bututun magudana. Zurfinsa mita 2, tsawonsa mita 30. Da sassafe na zagaya bakinsa, sai na ga tsaga siririya ta bi gefe ɗaya, ruwa kuma yana tsatsafowa daga gindin bangon. Ƙasar da katafila ta haƙo an jibge ta dab da baki, nauyinta yana danne wurin da ya riga ya jiƙe. Nan take na hana kowa sauka.

A jadawalinmu kowane haɗari maki biyu ake ba shi, daga 1 zuwa 5: yiwuwar faruwarsa, da munin abin da zai biyo baya in ya faru. Sai a ninka su. Abin da ya kai 15 ja ne, aiki ya tsaya. Makon jiya, ƙasa a bushe, na ba ruftawar ramin yiwuwa 2. Yau 4 na rubuta. Muni kuwa 5 ne, wato rasa rai, an tashi da 20.

Foman ya same ni ina rubutu, ya leƙa takardar. Ya ce, "Malam, ai kowa na da hular kwano da takalmi, mayar da biyar ɗin nan uku mana." Na fahimce shi, an matsa masa ya gama kafin Juma'a. Na ce, "Oga, ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ta haura tan ɗaya. In ta danne ƙirjin mutum, numfashi take hana shi, ko da kansa yana waje. Me hula za ta yi a nan?" Ya yi shiru.

Wannan kuskuren ne ya fi tayar min da hankali a rahotannin da nake gani: a lissafa kayan kariya, sai a zaftare muni. Yawancin matakanmu yiwuwa suke ragewa. Ramin da ya rufta da mutum kisa yake yi, ko me ya sa a jikinsa.

Tare muka rubuta matakan. A zuƙe ruwan da injin, a janye tulin ƙasar aƙalla mita ɗaya daga baki, a tokare bangon biyu da alluna tun daga sama kafin kowa ya shiga, tifa kada ta matso, a kafa tsani kusa da masu aiki. Kowane mataki na sa sunan wanda zai yi shi, da duba ramin kowace safiya da bayan kowane ruwa. In an cika su yiwuwa ta dawo 1, muni yana nan 5, jimla 5.

Bayan la'asar aka gama tokara rabin ramin. Rabin kawai na sa wa hannu, na zagaye sauran da jan ƙyalle sai gobe.