Abin da ƙuri'ar kwanaki ta koya mini game da ranar kammala aiki

Duk mai tsara jadawalin manyan ayyuka ya san cewa ranar da manhaja take fitarwa a ƙarshen layi mafi tsawo na ayyukan da ke bin juna ba alkawari ba ce. Abin da aiki ya koya mini shi ne kuskuren wannan rana yakan karkata ne gefe guda, wato gefen jinkiri, kuma ana iya auna girman karkatar kafin a kafa tubalin farko. Hanyar aunawar ita ce wadda ake kira Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a Los Alamos a shekarun 1940, sannan Richard Van Slyke ya nuna amfaninta a kan jadawalin PERT, wata hanyar tsara manyan ayyuka, a 1963. A maimakon a ba kowane aiki adadin kwana guda, sai a ba shi tazara, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi yawa, tare da adadin da aka fi sa rai. Kwamfuta za ta jefa ƙuri'a ta ɗebo wa kowane aiki kwanakinsa daga cikin tazararsa, ta lissafa jadawalin gaba ɗaya, ta rubuta ranar kammalawa, sannan ta sake yin haka sau dubbai. Ranar da kashi 80 cikin ɗari na zagayen suka kammala kafinta ita ake rubutawa P80, ta tsakiya kuwa P50.

Darasin da ya fi zama mini a kai ya shafi mahaɗa, wato wurin da layuka da dama suke taruwa kafin wani aiki ya fara. A ɗauka ana gina ƙaramar tashar rarraba wutar lantarki, kuma ba za a ɗora taransifoma ba sai abubuwa uku sun tabbata: an gama harsashin kankare ya yi ƙarfi, taransifomar ta iso filin aiki, an kuma gama shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Domin lissafin ya fito fili, a ce kowane ɗaya daga cikin layukan uku zai ci kwana 60 a mafi rinjayen zato, kwana 50 idan komai ya tafi daidai, kwana 85 idan abubuwa suka ɓaci. Jadawalin da muka saba zai sa ranar ɗora taransifoma a kwana na 60, kuma babu injiniyan da za a ce ya yi ƙarya, domin kowannensu adadin da ya fi sa rai ya bayar.

Idan aka yi amfani da rabo mai kusurwa uku, wanda yiwuwar take hawa daga 50 zuwa ƙololuwa a 60 sannan ta sauko zuwa 85, yiwuwar layi guda ya gama cikin kwana 60 ita ce 10 bisa 35, wato kusan kashi 29 cikin ɗari, saboda tazarar da ke sama da 60 ta fi ta ƙasa faɗi. Matsakaicin layin ma kwana 65 ne, tun da (50 + 60 + 85) / 3 = 65. Amma taransifoma tana jiran wanda ya fi kowa makara ne, don haka dole dukkan ukun su cika a kan lokaci, kuma idan babu abin da ya haɗa su, sai a ninka 0.29 da kanta har sau uku, a sami kusan kashi 2 cikin ɗari. Wanda yake son ya gani da idonsa, wannan gajeren shirin kwamfuta na Python ya isa:

```python
import numpy as np
rng = np.random.default_rng(1)
d = rng.triangular(50, 60, 85, size=(10000, 3))
karshe = d.max(axis=1)
print((karshe <= 60).mean())
print(np.percentile(karshe, [50, 80]))
```

Sakamakon zai nuna P50 a wajen kwana 72, P80 kuma a wajen kwana 77. Abin lura shi ne kwana 72 ɗin nan shi ne P80 na layi guda idan aka ɗauke shi shi kaɗai, wato ranar da kowane injiniya zai ce yana da cikakken ƙwarin gwiwa a kanta, amma a mahaɗar ta zama rabi da rabi kawai. Dalilin kuwa shi ne saurin layi ɗaya ba ya amfanar kowa muddin sauran ba su iso ba, alhali jinkirin layi ɗaya yana riƙe kowa. Lissafin PERT na asali, wanda aka tsara wa shirin Polaris na rundunar sojan ruwan Amurka a 1958, yana bin layi mafi tsawo ne kaɗai da ƙa'idar (a + 4m + b) / 6, inda a shi ne mafi ƙarancin kwanaki, m wanda aka fi sa rai, b kuma mafi yawa, saboda haka wannan karkata ba ta bayyana a cikinsa. Tun da na fahimci haka, idan aka miƙo mini jadawali, mahaɗu nake fara nema, musamman waɗanda layuka huɗu ko biyar masu ƙarancin rarar kwanaki suke shiga, domin layin da yake da rarar kwana biyar a takarda amma tazararsa ta kai kwana talatin yana iya riƙe aikin a zagaye masu yawa. Manhajoji suna ƙirga sau nawa kowane aiki ya faɗo a kan layi mafi tsawo cikin dukkan zagayen, kuma a ganina wannan adadi ya fi jan launin da ake nuna layi mafi tsawo da shi a kan jadawali amfani ga mai kula da aiki.

Darasi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin kuskurensa yana fitar da sakamako mai daɗin gani. Idan ba a gaya wa manhaja komai ba, tana jefa wa kowane aiki ƙuri'arsa daban, sai wannan ya yi tsawo, wancan ya gajarta, su share juna. A ɗauka akwai ayyuka 25 a jere, kowanne matsakaicinsa kwana 10, ma'aunin warwatsuwarsa kuma, wato yadda yake kauce wa matsakaicin, kwana 2. Idan ba su da alaƙa da juna, warwatsuwar jimillar kwana 10 ce kacal a kan kwana 250, wato 2 sau 5, wanda shi ne tushen 25, P80 kuma za ta tsaya a wajen kwana 258. Duk wanda ya daɗe a filin aiki ya san wannan bai yi kama da gaskiya ba, domin ɗan kwangila ɗaya ne yake yin ayyukan nan da ma'aikata ɗaya, kuma idan hannunsa bai da sauri a aiki na uku, ba zai yi sauri a na ashirin ba. Idan aka sa alaƙa ta 0.5 tsakanin kowane aiki biyu, wato rabin cikakkiyar alaƙa, warwatsuwar tana tashi zuwa kusan kwana 36, P80 ta koma wajen kwana 280. Matsakaicin bai motsa ba, amma ajiyar kwanakin da za a nema ta tashi daga 8 zuwa 30.

Wannan yana da wani sakamako da ya kamata a yi hattara da shi: gwargwadon yadda aka daddatsa jadawali zuwa ƙananan ayyuka, gwargwadon yadda haɗarin yake narkewa a lissafi idan babu alaƙa. Jadawali mai ayyuka dubu uku zai fito da tazara matsattsiya fiye da mai ayyuka ɗari biyu na aiki iri ɗaya, ba don an fi sanin aikin ba, sai don ƙuri'un sun fi samun damar share juna. Alamar da nake dubawa ita ce nisan da ke tsakanin P10 da P90. Idan aikin shekara biyu ne kuma nisan bai wuce mako biyu ba, ba na kai rahoton gaba sai na binciki alaƙar. Ni dai na fi son a gina taƙaitaccen jadawali na musamman domin wannan lissafi, sannan a ɗaure ayyukan da abin da yake jan su tare, kamar ƙwazon ɗan kwangila, ko saurin amincewa da zane, ko isowar kaya, a jefa wa kowane dalili ƙuri'a guda a kowane zagaye, ta shafi dukkan ayyukan da ke ƙarƙashinsa. Yin haka ya fi sauƙin karewa a gaban mai aiki fiye da cika teburi da lambobin alaƙa da babu wanda zai iya faɗin inda suka fito.

Sai dai alaƙa ba kullum take ƙara jinkiri ba. A mahaɗa tana rage shi, domin da layukan nan uku na tashar suna tafiya tare ɗari bisa ɗari, yiwuwar cika kwana 60 da ta koma kashi 29 maimakon kashi 2. Don haka ba a iya yin hasashen inda sakamakon zai karkata da ka, kuma wannan ne ainihin dalilin gudanar da lissafin.

Akwai kuma abin da bai kamata a cusa shi cikin tazara ba. Riƙe taransifoma a tashar jiragen ruwa saboda matsalar takardun kwastan abu ne da ko dai ya faru ko bai faru ba. Idan an yi masa zaton kashi 20 cikin ɗari da ƙarin kwana 30, sai a shigar da shi a matsayin lamari mai zaman kansa, wanda zai bayyana a zagaye ɗaya cikin biyar. Idan aka miƙe ƙarshen tazarar daga 85 zuwa 115 domin a rufe shi, an ɓata siffar rabon, an kuma ɓoye wa shugabanni abin da za su iya magancewa tun da wuri. Haka nan kalandar damina: aikin tonon ƙasa da aka tsara a watan Mayu a arewacin Nijeriya, idan jinkiri ya tura shi Agusta, kwanakinsa kansu za su ƙaru, kuma sai an sa kalandar yanayi a cikin lissafin wannan zai fito.

Game da yawan zagaye ba na ɓata lokaci. A zagaye 1,000 kuskuren ƙuri'a a kan yiwuwar kashi 80 yana kusa da maki 1.3, a zagaye 10,000 kuma 0.4, wanda duk bai kai kuskuren da ke cikin tazarar da mutane suka bayar ba. Abin da ya fi cin lokacina shi ne tsabtace jadawalin kafin a fara. Ranar da aka kafe da hannu tana hana jinkiri wucewa gaba, kuma ana gane ta idan zagaye masu yawa suka taru a kan rana guda. Aikin da ba a ɗaura shi da aikin da ke biye masa ba yana iya tsawaita yadda ya so ba tare da ya taɓa ranar kammalawa ba. Tazarar kanta kuma, idan aka ga an sa wa kowane aiki ragin kashi 10 da ƙarin kashi 10, to ba a tambayi kowa ba. Nakan zauna da kowane injiniya shi kaɗai, ba a gaban shugabansa ba, in fara tambayarsa mafi munin abin da ya taɓa gani a irin wannan aiki kafin mu zo kan adadin da yake sa rai, sannan in gwada amsarsa da kwanakin da ayyukan baya suka ci a zahiri, in faɗaɗa tazarar idan bayanan sun nuna ya matse ta.