Dubawar ƙarshe: kan magana ɗaya ya so ya ci mana rim guda

'Yan'uwa masu koyon tsara littafi, ga inda aka kwana a kan ɗan littafin kiwon kaji da nake tsara wa wata ƙungiyar mata. An gama gyaran rubutu, marubuciyar ta sa hannu, yanzu ina kan dubawar ƙarshe kafin a kai maɗaba'a. A wannan mataki ba karatu ake yi ba. Ana kallon shafi ne kawai: ina ya yanke, mene ne a ƙasansa, mene ne a samansa, wace lamba ya ɗauka. Da zarar ka kama karanta jimloli, idonka zai bar gefen shafi, alhali nan ne aikin yake.

Littafin girman A5 ne, wato takardar A4 da aka ninka biyu aka ɗinke da sitefila a tsakiya. Kowane falle yana ɗaukar shafi huɗu, don haka dole yawan shafuka ya rabu da 4. Namu 32 ne, falle 8, ban da bango da za a buga daban a kwali. Ku riƙe wannan lissafi, don shi ya sa ƙaramar matsala ta girma.

Na fitar da PDF, na buga shi gaba da baya da zaɓin Booklet na Adobe Acrobat Reader, na ninka, na ɗauki jan biro. A kan allo shafuka suna bin juna ne daga sama zuwa ƙasa, ba ka ganin wanne ke fuskantar wanne, shi ya sa nake dagewa a kan takarda. Zagaye na farko ƙasan shafuka kawai na bi. A shafi na 13, can a layin ƙarshe, ga kan magana "Rigakafin cututtuka" a zaune shi kaɗai, bayaninsa kuma yana shafi na 14. Abin da ya ƙara muni, 13 shafin dama ne, sai mai karatu ya juya takarda kafin ya ga abin da aka yi masa alkawari.

Hannu yakan yi saurin danna Enter sau biyu ko uku don a tura shi gaba. Kada ku yi. Ranar da aka ƙara ko aka cire layi ɗaya a baya, waɗannan guraben za su koma tsakiyar shafi su bar rami. A Word, gyaran yana cikin Paragraph, ɓangaren Line and Page Breaks, a sa alama a Keep with next. Ya fi kyau a sa shi a cikin salon kanun gaba ɗaya, misali Heading 2, yadda kowane kan magana zai manne da sakin layin da ke binsa. A wurin nan kuma akwai Widow/Orphan control, mai hana layi ɗaya na sakin layi ya tsaya shi kaɗai a sama ko ƙasan shafi.

To, kan maganar ya koma shafi na 14, amma shi da sararin da ke samansa da ƙasansa sun ci wajen layi uku. Babi na biyu daga 9 zuwa 16 yake, kuma 16 a cike yake maƙil. Layi ukun nan suka zubo shafi na 17, inda babi na uku ya kamata ya fara. Da yake kowane babi a shafin dama muke fara shi, babi na uku ya tsallake zuwa 19, 18 ya zama fanko. Littafi ya koma shafi 34, wanda ba ya rabuwa da 4, sai an kai shi 36, falle 9 ke nan. Kwafi 500 za a buga, ƙarin falle ɗaya a kowane kwafi rim guda ne cur na takarda.

Akwai abin lura a nan. Idan da Odd Page kuka raba babi, wato zaɓin da ke fara sabon sashe a shafin dama, Word ba ya nuna shafin fankon da ya saka a lokacin da kuke aiki, lamba kawai za ku ga ta tsallake daga 17 zuwa 19. Sai a PDF ko a takarda yake bayyana.

Maganin shi ne a kwato layi ukun a cikin babin, tsakanin 14 da 16. Gyara a shafin da ya gabaci 13 sai an yi hattara, don yana iya sake motsa abin da aka riga aka daidaita. Na nemi sakin layin da ya ƙare da kalma ɗaya tak a layinsa na ƙarshe, na sami biyu. Na kira Hajiya marubuciyar, ta yarda a cire "kamar yadda aka sani" a ɗaya, a taƙaita jimla a ɗayan. Layi na uku ya fito ne daga hoton mazubin ruwa da ke shafi na 15, na ɗan rage tsayinsa. Ban taɓa girman haruffa ko tazarar layi ba, domin shafin da aka matse yakan tona kansa idan yana fuskantar wanda ba a matse ba. Babi na uku ya dawo 17.

Sai da yankan shafuka ya zauna na koma kan lambobi, ba kafin nan ba. Wannan zagaye ba ya cin lokaci. Lamba mara (1, 3, 5) a dama, cika a hagu. A littafin ajami, da ake buɗewa daga ɗaya ɓangaren, akasin haka ne. Tsakiyar littafi, inda sitefila ta fito, dole ya zama 16 da 17. Idan ka ware falle ka shimfiɗa, lambobi biyun da ke fuska ɗaya su haɗu su ba da 33: 32 da 1, 2 da 31, 30 da 3. Duk fallen da ya ba da wani abu daban, an yi kuskure wajen jera shafuka. Shafin suna da bayansa suna cikin ƙirga, amma ba a buga musu lamba.

Rubutun saman shafi shi ne mai ɓuya. A hagu sunan littafi, a dama sunan babi. Na sa yatsa a saman kowane shafin dama ina gwada shi da taken babin da ake ciki, harafi da harafi. A babi na uku taken ya zama "Ciyarwa" tun gyaran da ya wuce, amma saman shafukansa har yanzu "Abinci da ruwa" yake cewa, domin da hannu ake rubuta shi, ba ya bin taken da kansa. Kafin ku gyara irin wannan, ku duba ko Link to Previous yana kunne. In yana kunne, gyaran zai shafi babin da ya gabata ma. Kuma na shafukan dama da na hagu kowanne da nasa, kashe ɗaya ba ya kashe ɗayan. Shafin da babi ya fara ba ya buƙatar rubutun sama tunda taken yana nan ƙato. Different First Page ke cire shi.

Ku kuma zura ido kan haruffa masu lanƙwasa a can saman. Namu da manyan baƙi aka yi shi, da wani nau'in haruffa daban da na cikin littafi. A "KASUWAR ƘWAI" harafin Ƙ ya fito siriri, ya bambanta da 'yan'uwansa, alamar nau'in ba shi da shi, kwamfuta ta aro daga wani wuri. Na mayar da rubutun saman duka zuwa nau'in da ke cikin littafin, wanda yake da Ɓ, Ɗ da Ƙ manya da ƙanana.

Jerin abubuwan da ke ciki shi ne na ƙarshe: na sabunta lambobin shafukansa da zaɓin Update page numbers only, sannan na bi shi layi-layi da littafin a hannu. PDF zan kai maɗaba'a, ba fayil ɗin Word ba, don kada kwamfutarsu ta sake yanka shafukan da nata haruffan. Gobe in Allah ya kai mu zan roƙi su buga kwafi ɗaya, su ninka su datse gefe, in ga ko lambobin shafukan tsakiya ba su matso bakin yanka ba kafin a saki sauran.