Abin da takardar kuɗin wani yaro ta koya mini a Garwa

Da na fara aiki a ofishin lissafi na wani asibitin kuɗi a Garwa ta ƙasar Kamaru, na ɗauka kamfanin inshora, wanda a nan muke ce wa asirans, jimillar da ke ƙasan takarda yake dubawa ya biya. Ashe lambobi biyu yake fara nema, ta cutar da aka gano da ta aikin da aka yi, sannan ya duba ko ta farkon ta isa hujjar ta biyun.

Wani dare aka kawo yaro ɗan shekara 12 yana murƙususu da ciwon ciki. A lokacin ba a san mene ne ba, sai likitan da ke bakin aiki ya rubuta R10.4. Lamba ce daga kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda muke kira CIM-10, ma'anarta kuwa ciwon ciki da ba a tantance ba. Lambobin da ke farawa da R alamomi suke nunawa, irin su zazzaɓi da ciwon ciki, kafin a gano tushensu. Kafin asuba an tabbatar afendis ne, aka shiga da yaron tiyata. Ni kuma da na zo haɗa takarda, na kwafi lambar da na gani a shafin farko ban buɗe rahoton tiyata ba.

Bayan makonni takardar ta dawo ba a biya ba. Likitan kamfanin ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin R10.4, ya ja wani a ƙarƙashin kuɗin tiyata. Kuma da gaskiyarsa. Shi bai ga yaron ba, takarda kawai ke gabansa, ita kuwa cewa take yi an yanka mutum saboda cikinsa na ciwo. Na ɗauki fayil ɗin na je wurin likitan da ya yi aikin, ya duba rahotonsa, ya gyara lambar zuwa K35.8, wato kumburin afendis na farat ɗaya, ya sa hannu da hatimi. Ba ni da hurumin canza ta da kaina ko da na san amsar, domin gano cuta aikin likita ne. Muka haɗa da kwafin rahoton muka sake turawa, aka amince.

Sai dai wurin da ya fi yi mini zafi yana gaba. Ayyukan asibiti a wurinmu harafi ne da lamba, tsarin da aka gada daga Faransa: C duba marar lafiya, B gwajin jini da makamantansa, Z hoto, K aikin tiyata. Kar a rikita wannan K ɗin da na K35.8, kundinsu daban. Lambar da ke gaban harafin nauyin aikin take nunawa, ana ninka ta da farashin harafin. Mu ɗauka an rubuta aikin K50, asibiti yana lissafa kowane K a kan sefa 1,500, ya zama 75,000. Kamfanin kuwa a yarjejeniyarsa 1,000 ya amince da shi, don haka a idonsa aikin 50,000 ne. Kashi 80 cikin ɗari da ya yi alkawari na wannan 50,000 ɗin ne, wato 40,000. Ragowar 35,000, idan yarjejeniyar ba ta hana asibiti karɓar bambancin ba, tana kan marar lafiya.

Irin wannan lissafin ne ya faɗa wa mahaifin yaron. Ya zo da katinsa na inshora a cikin leda, ya ajiye a kan teburina, ya nuna mini inda aka rubuta kashi 80. Ya ce, "Ɗana, ni kashi ashirin na sani, ina wannan ya fito?" Na ce, "Baba, ku zauna in nuna muku." Na juya bayan takardar na ninka masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da an faɗa masa tun ranar farko da ya san yadda zai shirya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin farashin harafin yana cikin aljihun teburina tun ranar da suka zo.

Akwai masu cewa a ɗan ƙara wa lamba nauyi don a taimaki mutum, a rubuta B50.8, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, alhali B50.9 ne da ba shi da rikici, don kamfani ya biya kwanciya. Ban yarda da wannan ba. Ha'inci ne, kuma likitan kamfanin yakan nemi sakamakon gwaji da bayanan jinya, idan ba su nuna tsanani ba a mayar da takardar gaba ɗaya.

Yanzu ba na rufe takarda sai na karanta shafin sallama da rahoton aiki, in ga lambar cutar ta ƙarshe ce. Idan kuma aikin ba na gaggawa ba ne, mukan nemi amincewar kamfani a rubuce tukuna, in zaunar da mai jinya in ninka masa harafin a gabansa kafin a shiga da marar lafiyarsa ɗakin tiyata.